Odita da Alfarmar Tsohon Abokin Hulɗa

Oditan waje ƙwararren akanta ne da kamfani yake ɗauka ya binciki littattafansa, ya faɗi ko alƙaluman da shugabanni suka rubuta gaskiya ne. Kamfanin ne ke biyansa, amma masu dogara da sa hannunsa su ne masu hannun jari, bankuna da hukumar haraji. Daga nan matsalar take tasowa, domin wanda ake bincika shi ne ke riƙe da abincin mai binciken. Idan hulɗar ta daɗe kuma, sai sabo da jin nauyi su ƙaru a kan tsoron rasa aiki.

Alfarmar da ake nema ba ta cika zuwa da siffar cin hanci ba. A ɗauka wani kamfanin sarrafa shinkafa ya nuna ribar naira miliyan 50, alhali cikin kadarorinsa akwai bashin miliyan 80 da yake bin wani dila da ya shekara biyu bai biya ko kwabo ba. Ƙa'ida ta ce bashin da aka fid da rai da shi a rubuta shi cikin asara. Idan aka yi haka, ribar za ta koma faɗuwar miliyan 30, banki kuma yana iya janye rancensa. Sai manajan darakta ya roƙi odita ya ɗaga ƙafa bana kawai, tunda dilan mutumin kirki ne.

Kirkin dila ba hujja ba ce. Odita zai rubuta wa dilan kai tsaye ya tabbatar da bashin, ya kuma duba ko an biya wani abu bayan rufe shekara. In babu alamar biya, sai ya nemi a gyara lissafin. Idan shugabanni suka ƙi, zai kai maganar gaban kwamitin binciken kuɗi na kamfanin, sannan ya bayyana a rahotonsa cewa bai amince da wannan adadi ba. In matsin ya yi yawa, yana iya ajiye aikin.

Rushewar kamfanin Enron na Amurka a 2001 ta nuna inda kau da kai yake kaiwa. A shekarar 2000 oditocinsa, Arthur Andersen, sun karɓi kimanin dala miliyan 25 na bincike da miliyan 27 na shawarwari da wasu ayyuka. Da wuya mai karɓar irin wannan kuɗi ya ce a'a. Dokar Sarbanes-Oxley ta 2002 ta hana odita yi wa kamfanin da yake bincika yawancin irin waɗannan ayyuka.

A Najeriya, ƙa'idar shugabancin kamfanoni ta 2018 ta ce a sauya jagoran bincike duk shekara 5, kamfanin oditoci kuma kada ya wuce shekara 10 a jere, kuma sai bayan shekara 7 za a iya sake ɗaukarsa.