Me Hankaki Ke Tattaunawa a Kan Gawar Ɗan'uwansu?

Wata safiya ta rani, a bayan kwatar unguwarmu, wani hankaka ya sauka kan taransifoma, aka ji tas, ya faɗo ƙasa fukafuki a baje. Na farkon da ya gan shi bai sauko ba. Kan falwaya ya tsaya, ya miƙa wuya yana ta kwarara ihu, kuka mai kaushi wanda ya bambanta da wanda suke yi idan suna rabon hanji a bola. Kafin mai shayi ya gama soya ƙwai, hankaki sun cika wayoyin wuta da bishiyar darbejiya, wasu na shawagi, wasu na leƙen ƙasa da ido ɗaya. Mai shayin ya ce, "Malam, zaman makoki ne." Wani mahauci ya ce a'a, shari'a ake yi. Bayan wani ɗan lokaci ihun ya lafa, suka watse ɗaya bayan ɗaya, gawar na nan inda ta faɗi, ba wanda ya taɓa ta.

Ba abin mamaki ba ne mutum ya kawo batun jana'iza. Mun tashi da ƙissar 'ya'yan Annabi Adamu a Suratul Ma'ida, inda hankaka ne ya tona ƙasa ya nuna wa Ƙabila yadda zai binne ɗan'uwansa. Amma idan ka lura da taron da kyau, za ka ga idon mahalarta bai tsaya kan mamacin ba. Suna duban gefe da gefe, suna duban sama, suna duban duk wanda ya gitta. Abin da ya kashe shi suke nema.

Waɗanda suka fi bin diddigin wannan al'amari su ne John Marzluff, wanda a lokacin farfesa ne a Jami'ar Washington da ke birnin Seattle na Amurka, da ɗalibarsa ta lokacin Kaeli Swift. Hankakan da suka yi aiki a kansa na Amurka ne, baƙi ƙirin tun daga kai har wutsiya, ba shi da farin ƙirjin namu, amma dangi ɗaya ne. Sun buga sakamakon a shekarar 2015, kuma yadda suka tsara gwajin ya cancanci a bi shi daki-daki, domin a nan amsar take.

Swift takan zaɓi wuri a cikin gari inda wasu hankaki miji da mata suka kafa iyaka. Sai ta yi kwanaki tana zuwa a lokaci guda tana zuba musu abinci, har da gyaɗa, tana rubuta tsawon lokacin da suke ɗauka kafin su sauko. Da sun saba, sai ranar gwaji ta zo. Ta zuba abincin kamar kullum, sai ga wani mutum ya ɓullo sanye da fuskar roba, ya tsaya kusa da abincin, ya miƙa hannuwa biyu kamar mai tallan goro a faranti. Abin da ke hannunsa mataccen hankaka ne, wanda aka feɗe aka busar da fatar aka cusa mata abu ta koma kamar yadda take. Haka zai tsaya ƙiƙam har minti 30. Dalilin fuskar robar mai sauƙi ne: ko da an canza mai aikin gobe, fuskar da hankaki za su gani ɗaya ce. Mutanen unguwa kam ba su ji daɗin ganin wannan dodo a bakin titi ba, shi ya sa aka riƙa rataya wa masu aikin allo mai bayanin cewa binciken jami'a ne.

Kusan duk lokacin da aka yi haka, hankakan da ya fara gani sai ya ɗora ihu, maƙwabta su amsa, taro ya haɗu. Wannan kowa ya san za a yi. Abin da ya biyo baya shi ne labarin. A kwanaki 3 da suka biyo, Swift ta ci gaba da zuba abinci a wurin, babu gawa, babu mai fuskar roba, amma hankakin da a da suke dira nan take sai suka koma jan ƙafa, su daɗe a kan reshe suna nazari kafin su sauko. Wurin ya shiga lissafinsu a matsayin wuri mai haɗari. Sannan aka riƙa turo mai fuskar robar duk mako, hannu rabbana. Da sun hango shi sai ihu, wasu har su kawo masa sura a kai. An ga wannan har zuwa mako 6, alhali sau ɗaya tak suka gan shi da gawa, kuma bai taɓa ko gashin ɗayansu ba.

Mai shakka zai ce, to ai kowace irin gawa ce za ta tayar musu da hankali. An gwada. Da aka ba mai fuskar robar matacciyar tattabara, hayaniyar ta ragu sosai. Da aka nuna wa tattabaru 'yar'uwarsu matacciya, ko a jikinsu, suka ci gaba da tsattsagar hatsi. Inda kuwa ihun ya fi tsanani shi ne lokacin da aka ajiye shaho, shi ma busasshe, tare da gawar hankakan, wato ga mamaci ga wanda ake zargi.

Me ya sa sai da ihu? Hankaka ya gaji wata dabara da tsuntsaye da yawa ke amfani da ita, wato taron dangi. Idan mujiya ta kuskura ta fito da rana, ko shaho ya sauka kusa da sheƙa, sai su yi masa caa. Maharbin da aka gano ya rasa babban makaminsa, wanda shi ne shammata, kuma idanu talatin sun fi biyu gano muzurun da ya laɓe a bayan katanga. Ihun kan gawa irin wannan kiran ne. Yana da amfani na biyu kuma: wanda bai ga abin da ya faru ba, idan ya zo ya tarar ana yi wa wani ihu, shi ma ya ɗauki darasi.

Marzluff ya riga ya nuna haka tun da farko. A 2006 shi da ɗalibansa suka sanya wata fuskar roba mai kama da ta mutanen kogo, suka kama hankaki 7 a harabar jami'ar, suka sa musu zobe a ƙafa suka sake su. Shekaru suka wuce, kuma yawan hankakin da ke yi wa wannan fuska ihu sai ƙaruwa yake yi, har da 'ya'yan da ba a ƙyanƙyashe su ba lokacin da aka yi kamun. Wata fuskar da aka riƙa yawo da ita ba tare da an kama kowa ba, mai kama da Dick Cheney, mataimakin shugaban Amurka na lokacin, ba ta dame su ba. Daga baya ma an ɗauki hoton ƙwaƙwalwar wasu hankaki bayan an nuna musu baƙo riƙe da gawa, aka ga sashen da ya fi motsawa har da wanda ke adana sanin wurare da sabon darasi. Saboda haka mahaucin nan ya fi mai shayi kusa da gaskiya, sai dai taron ya fi kama da na 'yan sintirin unguwa bayan an yi sata fiye da zaman alƙali.

Batun baƙin ciki kuwa, wannan gwaji bai auna shi ba, kuma ba a tsara shi don haka ba: gawar da aka nuna musu ta baƙon hankaka ce da ba su taɓa sani ba. Hankaki kan zauna da abokin aure ɗaya shekara da shekaru, don haka ni ban ga dalilin rantsuwa cewa ba sa jin komai ba. Abin da dai aka tabbatar shi ne ko babu sanayya taron na haɗuwa, kuma suna tashi daga wurin da ilimin da ba su zo da shi ba. Wani binciken da Swift da Marzluff suka fitar a 2018 ya ƙara dagula hoton jana'izar. A yawancin lokuta hankakin ba sa taɓa gawar sam. A kusan kashi 1 cikin 4 ne suka taɓa, kuma taɓawar ba ta girmamawa ba ce: sara ne da baki, da ja, da yaga, wani lokaci ma, musamman a farkon lokacin yin sheƙa, har da yunƙurin barbara. Tsuntsun ya ga abu mai siffar kishiya, mai siffar abinci, mai alamar haɗari, duk a lokaci guda, sai lissafi ya ƙwace masa.

Ba kowane faɗaɗɗen hankaka ne matacce ba, kuma ana iya bambancewa. Ɗan hankaka yakan bar sheƙa kafin fiffikensa ya yi ƙwari, ya yi kwanaki yana tsalle-tsalle a ƙasa iyaye na ciyar da shi. Za ka gane shi da gajeriyar wutsiya da ja-ja a gefen baki. A nan masu ihun ba su da yawa, ba sa watsewa bayan ɗan lokaci, kuma kai suke fuskanta kai tsaye, suna ƙara zafi duk takun da ka yi kusa da shi. Taron gawa kuwa yakan cika da sauri, ya yi tsanani, ya mutu da kansa. Wanda ya ɗauki irin wannan ɗan da niyyar ceto, ya raba shi da iyayensa ne, ya kuma sa sunansa a littafinsu.

Idan gawa ce ta faɗo a tsakar gidanka kana son kawar da ita, ka bari sai sun watse, ko ma sai duhu ya yi, ka sa leda a hannu ka rufe ta ruf kafin ka ɗaga. Ledar tana kare ka daga cutar da wataƙila ita ta kashe shi, rufewar kuma tana kare ka daga zargi, domin hankaka ba ya tambayar ko kai ka yi kisan. Ya ga baƙin abu na lilo a hannunka, magana ta ƙare. Konrad Lorenz, masanin halayyar dabbobi ɗan ƙasar Ostiriya, ya ba da labarin abin da ya same shi da wasu ƙananan dangin hankaka da yake kiwo, waɗanda suka san shi sarai, suna cin abinci a hannunsa. Wata rana ya dawo daga wanka a kogi, ya zaro jiƙaƙƙen baƙin gajeren wandonsa daga aljihu. Nan take suka yi masa caa da ihu, suka rufe hannun da ke riƙe da wandon da sara.