Na Goma Sha Ɗaya a Aji: Me Ya Sa Ake Rubuta 11th Ba 11st Ba?

Ƙarshen zangon karatu lokaci ne da malamin aji ba ya samun barci. Ya tattara makin kowane darasi, ya haɗa jimilla, ya fitar da wanda ya zo na ɗaya har zuwa na ƙarshe, sannan ya cike katin sakamako. Da yake a Nijeriya da Turanci ake cike katin, ba a barin matsayin yaro da lamba tsirara, sai an liƙa mata haruffa biyu a ƙeya: 1st, 2nd, 3rd, 4th. Makarantu da yawa yanzu da Excel suke wannan aiki, kuma a nan ne kuskure ɗaya yake yawan fitowa. Sai uba ya buɗe katin ɗansa ya ga an buga 11st ko 12nd. Ƙaramin abu ne a ido, amma takarda ce mai hatimin makaranta, kuma akwai iyayen da ke ajiye ta shekara da shekaru.

Mu a Hausa ba mu da wannan wahala. “Na” ko “ta” kawai muke sawa a gaba: na uku, ta ashirin da biyu, na ɗari da goma sha ɗaya. Turanci kuwa ɗafa-ƙeya yake amfani da ita, kuma haruffan nan biyu ƙarshen kalmar ne yadda ake furta ta. Kalmomin first da second da third su ne suka ba da st da nd da rd, sauran duka th ne. Na ashirin da ɗaya da first yake ƙarewa a baki, shi ya sa ake rubuta 21st. Amma sha ɗaya da sha biyu da sha uku kowannensu kalma guda ce mai zaman kanta, kuma da th suke ƙarewa. Saboda haka 11th, 12th, 13th. Duk ƙa'idar ke nan. Wanda ya duba lambar ƙarshe kaɗai zai faɗi a waɗannan ukun, dole sai an duba lambobi biyu na ƙarshe.

Mu ɗauki aji mai yara sittin. Sunayensu na layin tsaye na B, jimillar maki na layin C, daga gida na 2 zuwa na 61. Matakin farko shi ne fitar da matsayi a matsayin lamba zalla, a gidan D2:

```
=RANK(C2,$C$2:$C$61,0)
```

Sifirin ƙarshe yana nufin mai maki mafi yawa shi ne na ɗaya. Alamar dala kuwa ita ke ɗaure jerin wuri ɗaya idan aka jawo fomular zuwa ƙasa. In aka manta da ita, jerin zai riƙa zamewa, kowane yaro sai a auna shi da waɗanda ke ƙasansa a takarda kawai. Alamar hakan a fili take: za ka ga na ɗaya ya fito sau da yawa alhali makinsu ba ɗaya ba ne, kuma yaron da ke layin ƙarshe lallai ya zo na ɗaya ko da shi ne kurar baya.

Daga nan sai ɗafa-ƙeyar, a gidan E2:

```
=D2&IF(AND(MOD(D2,100)>=11,MOD(D2,100)<=13),"th",
CHOOSE(MOD(D2,10)+1,"th","st","nd","rd","th","th","th","th","th","th"))
```

Tsawonta kada ya tsorata kowa, tambaya biyu kawai take yi. MOD ragowar rabawa ce, irin wadda aka koya mana a firamare. In ka raba lamba da ɗari, abin da ya rage shi ne lambobinta biyu na ƙarshe. In ka raba da goma, lambar ƙarshe ce ke ragewa. To fomular tana fara tambaya: shin biyun ƙarshe sun faɗa tsakanin 11 da 13? In haka ne, th, magana ta ƙare. In ba haka ba, sai ta duba lambar ƙarshe ta zaɓo daga jerin nan mai guda goma. An ƙara ɗaya ne saboda CHOOSE daga ɗaya take fara ƙirga, ragowa kuwa daga sifiri take farawa.

Ga yaron da ya zo na 22. Ragowarsa a kan ɗari 22 ce, ba ta cikin ukun nan. Ragowarsa a kan goma 2 ce, a ƙara ɗaya ta zama 3, abu na uku a jerin kuma nd ne, sai a sami 22nd. Ga kuma wanda ya zo na 112 lokacin da aka haɗa dukkan ’yan aji ɗaya na makarantar aka jera su tare. Ragowarsa a kan ɗari 12 ce, don haka 112th. Wannan misali na biyu shi ya sa na fi son a yi amfani da ɗari ɗin tun farko. Wasu sukan gyara fomularsu da cewa in lambar 11 ce ko 12 ko 13 a sa th, kuma tana aiki lafiya lau a aji guda. Ranar da aka jera yara fiye da ɗari sai 111st ta bayyana, ba wanda ya yi zato.

Wani zai ce ai akwai hanya mai sauƙi: ka rubuta 1st, ka ja, Excel da kansa zai cike 2nd da 3rd har ƙasa. Gaskiya ne, amma wannan ƙirga ce kawai, ba ta san kunnen doki ba. A ce yara huɗu na sama sun sami 712 da 698 da 698 da 655. RANK za ta ba su 1, 2, 2, 4, wato biyu sun raba na biyu, babu na uku a ajin, domin yaro na huɗun mutum uku ne a gabansa. Wanda ya ja da hannu kuwa zai ba ɗaya daga cikin masu 698 na uku, ya danne masa haƙƙi ba tare da ya sani ba. Ya kamata malami ya shirya yi wa iyaye bayanin wannan giɓi, don sukan tambaya ina na ukun ya shiga.

Abin da ya fi cin mutane shi ne na gaba. Da zarar an liƙa wa lamba haruffa, a wurin Excel ta daina zama lamba, ta koma rubutu. Za ka gane da ido, domin lamba gefen dama na gida take jingina, rubutu kuwa gefen hagu. In ka ce a jera maka sunaye bisa layin E, harafi-harafi za a bi, sai 10th zuwa 19th su hau sama, 1st ya biyo bayansu, 20th ya bi shi, 2nd kuma sai can bayan 29th. Saboda haka kada a goge layin D, kada kuma a cusa komai cikin fomula guda don a rage layi. Layin D shi ne na lissafi da jerawa, layin E na bugawa a kati ne kawai. In ba a so D ya fito a takarda, a ɓoye shi.

Sai kuma yaron da bai zauna jarrabawa ba. In gidan makinsa wayam ne, RANK za ta nuna #N/A, kuskuren kuma ya bi zuwa E. Kada a cike masa sifiri don a kore alamar, domin hakan zai mayar da shi na ƙarshe a jarrabawar da bai yi ba. Gara a bar matsayinsa babu komai. ’Yan'uwanmu na Nijar da ke cike kati da Faransanci nasu ya fi sauƙi, 1er ne ga namiji, 1re ga mace, sauran 2e, 3e har ƙarshe.

Malam, kafin ka buga kati ko ɗaya, ka buɗe wani fegi ka gwada fomularka da 1, 2, 3, 4, 11, 12, 13, 21, 101 da 111. In ta ba ka 101st da 111th, za ka iya sakin jiki da ita.