Giɓin Kasafi Daban, Bashin Ƙasa Daban

A kasafin kuɗin 2024, gwamnatin tarayyar Najeriya ta tsara kashe kimanin naira tiriliyan 28.7, alhali kuɗin shigar da take sa ran samu bai kai tiriliyan 20 ba. Tazarar da ke tsakani, tiriliyan tara da 'yan kai, ita ce giɓin shekarar, kuma mafi yawansa da rance ake cike shi.

Bashin ƙasa kuwa shi ne duk rancen da aka tara shekara da shekaru ba a biya ba. Saboda haka idan minista ya ce giɓi ya ragu, kada a yi saurin murna: bashin yana ƙaruwa har yanzu, gudunsa ne kawai ya ragu. Faɗuwar darajar naira ma kan kumbura bashin dala ko ba a ranto kwabo ba.