Idan Ƙoda Ta Gaza, Magani Na Iya Zama Guba

A kowace rana ƙodojin mutum mai lafiya suna tace ruwan jini da ya kai kusan lita 180, su mayar da mafi yawansa cikin jiki, su bar lita ɗaya da rabi ko biyu ta fita a matsayin fitsari. Ta wannan hanyar ce magunguna da dama ke barin jiki bayan sun gama aikinsu. Umarnin da ake rubutawa a jikin kwali, "ƙwaya ɗaya safe da yamma", an tsara shi ne bisa zaton cewa kafin a sha ta yamma ƙoda ta riga ta kwashe kaso mai yawa na ta safe. Idan ƙodar ta raunana, wannan zato ya rushe. Lamarin kamar kwata ce da ta toshe alhali ana ci gaba da zuba mata ruwa.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne ƙoda ba ta kuka da wuri. Mutum na iya rasa fiye da rabin aikinta yana fitsari yadda ya saba, babu kumburi, babu ciwo. Masu ciwon suga da masu hawan jini da tsofaffi su suka fi faɗawa wannan hali, kuma su ne suka fi kowa shan magani kullum. A garuruwa irin su Gashuwa da Nguru a jihar Yobe, inda yawan ciwon ƙoda ya daɗe yana tayar da hankalin jama'a, wannan ba baƙon zance ba ne.

Likita yana gane ƙarfin ƙoda ne ta gwajin jini na kiriyatinin, wani datti da tsoka ke samarwa, ƙoda kuma ta fitar. Amma lambar gwajin ita kaɗai tana yaudara. Tun 1976 wasu likitoci biyu, Cockcroft da Gault, suka fito da lissafin da har yau ake amfani da shi wajen daidaita magani: a cire shekarun mutum daga 140, a ninka da nauyinsa na kilo, a raba da abin da aka samu in an ninka kiriyatinin da 72. In mace ce, a sake ninkawa da 0.85.

A ɗauki misalin mutum biyu da gwajinsu ya nuna 1.4 mg/dL daidai wa daida. Na farko magidanci ne ɗan shekara 30 mai kilo 80. Lissafinsa ya ba da kusan mililita 87 a minti ɗaya, wato ƙodarsa na aiki sosai. Ta biyu dattijuwa ce mai shekara 70 da kilo 50. Nata lissafin bai ma cika 30 ba. Takarda iri ɗaya, amma ƙodar tsohuwar kashi ɗaya cikin uku take yi na aikin ta magidancin, domin jikinta ba shi da tsokar da za ta samar da kiriyatinin mai yawa. A wasu asibitoci ana rubuta irin wannan ƙiyasi a takardar sakamako da sunan eGFR, kuma idan ya zauna ƙasa da 60 har wata uku, ana ɗaukar mutum a matsayin mai ciwon ƙoda na dindindin.

To, a ce dattijuwar nan tana da ciwon suga, tana shan metfomin da gilibenkilamid, kamar dubban takwarorinta. Metfomin yadda ya shiga haka yake fita ta fitsari, jiki ba ya sarrafa shi. Idan lissafi ya sauka ƙasa da 45, ana rage shi zuwa abin da bai wuce miligiram 1,000 a rana ba. Ƙasa da 30 kuwa dainawa ake yi gaba ɗaya. Taruwarsa na iya sa jini ya yi tsami, mutum ya kama amai da ciwon ciki da numfashi mai zurfi da sauri. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma in ya faru yana kisa, kuma ya fi aukuwa ranar da gudawa ko zazzaɓi ya ƙarar da ruwan jiki.

Gilibenkilamid ya fi shi saurin cutarwa. Hanta ce ke narkar da shi, sai dai ɓurɓushin da ta bari yana ci gaba da sauke suga, kuma ƙoda ake jira ta fitar da shi. Sai a wayi gari tsohuwa tana gumi, tana rawar jiki, tana sambatu, iyali su ce shanyewar ɓarin jiki ce ko iska ta taɓa ta. A ba ta ruwan sukari ta farfaɗo, a yi hamdala, bayan 'yan sa'o'i ta sake sumewa, domin maganin na nan cikin jini har kwana ɗaya ko biyu. Irin wannan mara lafiya kwanciyar asibiti take buƙata. Ko allurar insulin ma tana daɗewa a jiki idan ƙoda ta yi rauni, shi ya sa mai ciwon suga da ya ga sugansa ya fara "gyaruwa" da kansa ya kamata ya nemi gwajin ƙoda kafin ya yi murna.

Allurar jentamaisin, wadda arharta ta sa ake yawan yin ta a ƙananan asibitoci da kemis, ita ta fi nuna yadda taruwa ke faruwa. A jiki mai lafiya rabinta na fita cikin sa'a biyu zuwa uku, don haka kafin allurar gobe kusan babu saura. Idan ƙoda ta lalace har fitar rabin ya koma ɗaukar sa'a 24, allurar gobe za ta tarar da rabin ta yau, ta jibi ta tarar da kashi uku cikin huɗu, kuma jini ba ya samun lokacin da zai wanke. Wannan rashin hutun ne ke lalata cikin kunne da ita kanta ƙodar. Ƙara a kunne, jiri, tangaɗi a duhu, su ne alamun farko, kuma kurumtar da ta biyo baya sau da yawa ba ta warkewa. Shi ya sa a nan likita yakan nisanta tsakanin allurai, sa'a 36 ko 48 maimakon 24, ba lallai ya rage yawan kowace allura ba.

Haka digokzin na masu ciwon zuciya: in ya taru sai tashin zuciya, bugu ya rikice, wasu su riƙa ganin abubuwa sun yi rawaya. Tiramadol da mofin kuwa barci mai nauyi suke jawowa da raguwar numfashi, tiramadol har da farfaɗiya.

Akwai kuma rukunin da laifinsu ya sha bamban. Daikulofenak da aibufurofen da firokzikam, waɗanda ake haɗawa a ƙulli a sayar wa mai ciwon jiki ko ciwon gwiwa, matsalarsu ba taruwa ba ce kawai. Suna rage jinin da ke shiga ƙoda. Dattijuwar da ke kan 30 na iya faɗowa ƙasa sosai cikin 'yan kwanaki, musamman in tana shan lisinofiril da maganin sa fitsari, daga nan duk sauran magungunanta su shiga taruwa lokaci guda. Farasitamol a ƙa'idarsa shi ne mafi aminci gare ta.

Ba kowane magani ake taɓawa ba. Amlodifin na hawan jini, alal misali, hanta ce ke sarrafa shi, ba a rage shi saboda ƙoda. Rage maganin ƙwayoyin cuta da ka kuma na iya barin cutar da ranta, shi ya sa ko a mai ciwon ƙoda yawanci cikakke ake ba da kashin farko, gyaran ya fara daga na biyu. Aikin mara lafiya da danginsa shi ne su san lambar ƙodarsa ta ƙarshe da ranar da aka auna ta, su faɗe ta ga duk wanda zai rubuta ko ya miƙo magani, su kuma je asibiti da duk abin da yake sha a leda ɗaya, har da na gargajiya da na kemis.