Jan biro da adalci: yadda ake tsara ma'aunin makin insha'i a ƙaramar sakandare

Duk ma'aikacin da ɗansa ke ƙaramar sakandare a Nyanya ya san takardar insha'in da ke dawowa gida da jan biro, an rubuta 11 bisa 20 a samanta, babu wani bayani. Yaron bai san abin da zai gyara ba. Malamar da ta duba takardu masu yawa a dare guda, ita ma da wuya ta tuna dalilin 11 ɗin.

Matsalar ta daɗe. A 1961, Paul Diederich da abokan aikinsa a Amurka sun ba mutum 53 insha'i 300 su ba su maki daga 1 zuwa 9. Kashi 94 cikin ɗari na takardun sun samu maki iri bakwai ko fiye, gwargwadon hannun da suka faɗa. Maganin da malamai suka fi amfani da shi shi ne a rarraba makin gida-gida, kowane gida da bayanin abin da ake nema a cikinsa.

Malaman Turanci a Nijeriya galibi tsarin WAEC suke ara, wanda ya raba maki 50 gida huɗu: 10 ga abin da aka faɗa, 10 ga tsari, 20 ga sarrafa harshe, 10 ga ƙa'idojin rubutu, inda kowane kuskure ke cin rabin maki. An yi shi ne domin masu kammala babbar sakandare, kuma idan aka sauko da shi aji biyu na ƙaramar sakandare ba tare da gyara ba, yakan yi ɓarna.

A ɗauka an ce 'yan aji biyu su rubuta labarin tafiyar safe daga Nyanya zuwa cikin gari. Wata yarinya ta cika kalma 300, ta kawo cunkoson gadar Karu da kokawar shiga mota, ta yi kuskure 24. Wani yaro ya taƙaita a kalma 120 da kuskure 9. A lissafin rabin maki, yarinyar ta tashi da sifili a gidan ƙa'idoji, yaron ya samu biyar da rabi. Alhali a kowace kalma ɗari ita kuskure takwas take yi, shi bakwai da rabi. Kusan ƙarfinsu ɗaya. An dai hukunta ta ne saboda ta yi rubutu mai yawa, kuma a zango na gaba za ta koyi tsuke hannu.

Gyaran ba shi da wuya. A ƙirga kurakurai a kalma ɗari na farko kawai: wanda bai wuce uku ba ya samu maki 4, huɗu zuwa shida 3, bakwai zuwa goma 2, fiye da haka 1. Ta wannan hanya mai yiwuwa su biyun su tashi da 2. Ragowar maki 16 sai a raba: 6 ga abin da aka faɗa, 5 ga tsari, 5 ga sarrafa harshe.

Aikin gaske yana wajen rubuta bayanin kowane mataki. Wanda ya taɓa cike fom ɗin APER ya san yadda “ya yi kyau” da “ya yi kyau ƙwarai” ke komawa ra'ayin maigida. Haka abin yake a aji. Dole bayanin ya ambaci abin da za a iya nunawa da yatsa a takarda. A gidan tsari, maki 5 na nufin akwai buɗewa da rufewa, kowane sakin layi na ɗauke da batu guda, kuma abubuwan sun zo bi da bi. Maki 3 na wanda ya bi jerin labarin amma ya cusa batutuwa biyu ko uku a sakin layi ɗaya ne. Maki 1 na rubutun da ya zubo a dunƙule ne.

Sai a kiyaye hukunta laifi ɗaya sau biyu. Idan an riga an ƙirga kuskuren lokacin aikatau a gidan ƙa'idoji, kada a sake rage masa a sarrafa harshe, wanda ya kamata ya tsaya ga zaɓen kalma da ginin jimla.

Kafin ma'aunin ya hau kan ajin gaba ɗaya, malamai biyu su duba takardu goma, kowa shi kaɗai, sannan su gwama. Inda suka saɓa da fiye da maki ɗaya a gida guda, galibi bayanin ne ke da harshen damo, sai a sake rubuta shi. Daga cikin goman ake zaɓar takarda ɗaya ta zama abin misali ga kowane mataki, a rufe sunan mai ita, a raba wa ɗalibai tare da ma'aunin tun kafin su fara insha'i na gaba.