An gama jinga, hoton ya ƙi hawa: me za a rubuta wa malami?

Ɗalibi ya zauna ya rubuta jingarsa da hannu, shafi huɗu ko biyar, ya ɗauki hotonta da waya, ya danna maɓallin turawa, ya ga ɗan da'irar nan tana juyawa, ya ajiye wayar ya kwanta. Da gari ya waye sai ya tarar shafin makaranta na cewa bai miƙa komai ba, kuma wa'adi ya wuce tun sha biyun dare. Daga nan abin da ya rage masa shi ne wasiƙa zuwa ga malami, kuma yadda ya rubuta ta na iya raba shi da sifili ko ya tabbatar masa da shi.

Matsalar ba ta masu raunin sabis kaɗai ba ce. A watan Mayu na 2020, lokacin kullen korona, hukumar College Board ta Amurka ta gudanar da jarrabawarta ta AP ta intanet, ta ba ɗalibai damar rubuta amsa da hannu su ɗauki hoto su tura. Wasu masu wayar iPhone suka gama amsa, hoton ya ƙi karɓuwa har lokaci ya ƙare, aka ce sai dai su sake zama jarrabawar. Dalili kuwa, tun 2017 wayoyin iPhone ke ajiye hoto a tsarin HEIC, shafin jarrabawar kuma JPEG da PNG da makamantansu ya sani. Daga baya hukumar ta buɗe hanyar tura amsa ta imel ga wanda turawa ta ƙi masa.

Nau'in fayil ke nan. Sauran dalilan sun fi kusa da mu. Hoton wayar zamani ɗaya kan kai megabait uku zuwa biyar, don haka shafi biyar na iya haura ashirin, alhali malami ko makaranta sun iyakance girman abin da shafin zai karɓa. Ko kuma sabis ya yanke ana tsakiyar turawa. Amma wanda ya fi cin ɗalibai shi ne wanda babu saƙon kuskure a cikinsa ko kaɗan: hoton ya hau lafiya, ba a danna maɓallin ƙarshe ba. A Google Classroom, maƙala fayil daban, danna Turn in daban, kuma sai an ga Turned in aiki ya isa. A Moodle, in malami ya saita aikin haka, fayil na iya zama a matsayin Draft (not submitted) har wa'adi ya wuce. Abin da ake so a gani shi ne Submitted for grading. Ya kamata ɗalibi ya gano wanne ne ya same shi kafin ya rubuta komai, domin "netwok ne ya ƙi" magana ce da malami ya ji har ya gaji da ita.

A nan ne nake ganin yawancin wasiƙun ke kuskure hanya. Ɗalibi yakan cika su da rantsuwa da ban haƙuri, alhali tambaya ɗaya ce a zuciyar malami: shin an gama aikin kafin wa'adi, ko kuwa ana neman ƙarin kwana ne da sunan matsalar waya? Malamin da ya yi wannan tambaya bai zalunci kowa ba, yana kare haƙƙin sauran 'yan aji ne da suka miƙa nasu a kan kari. Amsar kuwa tana cikin wayar ɗalibin. Kowane hoto da kyamara ta ɗauka yana ɗauke da rana da lokacin da aka ɗauke shi, ana ganinsu in an buɗe bayanan hoton a ma'ajiyar hotuna. Saboda haka kada a goge hotunan farko, kada a sake ɗaukar sababbi don sun fi kyau, kada a ƙara ko layi ɗaya a takardar. Hoton da ya ɗan karkace amma yake nuna ƙarfe tara na daren wa'adi ya fi tsararren hoton washegari amfani nesa ba kusa ba.

A misali, a ce ɗaliba ce a aji biyu na jami'a, wa'adinta daren Alhamis. Ga abin da za ta iya aikawa da safiyar Juma'a, da Hausa ko da harshen da ake karatu da shi:

"Assalamu alaikum Malam, barka da safiya. Ni ce ɗalibarka a darasin nazarin waƙar baka, aji biyu. Sunana da lambata suna ƙasa. Na rubuto ne game da jinga ta biyu wadda wa'adinta ya cika jiya Alhamis da sha biyun dare. Na kammala ta, na ɗauki hoton shafuka biyar da ƙarfe 9:40, na yi ƙoƙarin ɗora su da misalin ƙarfe goma. Yau da safe na ga shafin yana nuna Missing. Da na duba sai na tarar hotunan ba su gama hawa ba. Ga hotunan na asali na haɗo, da hoton fuskar wayata mai nuna lokacin da aka ɗauke su, da wanda ke nuna abin da shafin ya rubuta. Ban canza komai a aikin ba. Ina roƙon Malam ya ba ni izinin sake ɗorawa, ko ya karɓi wannan da na haɗo, duk wanda ya fi masa sauƙi. Ya kamata in tabbatar ya hau kafin in rufe wayar, kuma idan akwai ragin maki na jinkiri na amince. Na gode, Allah ya ƙara girma."

Malami mai ɗalibai ɗari biyu ba zai tsaya neman wace ce wannan ba, shi ya sa darasi da aji da lamba suka zo tun farko. Ba ta ɗora laifi a kan shafin makaranta ba, ta faɗi abin da ta gani ne kawai. Ta kuma haɗo aikin a cikin saƙon, wanda ya sa agogo ya tsaya a lokacin da ta aika: ko Malam bai buɗe ba sai Litinin, ya san ba ta samu ƙarshen mako tana gyara ba. Wannan ne ya sa saurin aikawa ke da nauyi. Saƙon da ya zo awa takwas bayan wa'adi da wanda ya zo bayan an fitar da maki ba a karanta su da ido ɗaya.

Hanyar aikawa ma tana iya ɓata hujjar. Idan aka tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar tana matse shi, ƙananan rubutu su dushe, bayanan lokacin ɗauka kuma su ɓace. Sai a zaɓi Document a tura shi a matsayin fayil. Ta Gmail kuwa iyakar abin da ake maƙalawa megabait 25 ne. Kuma in makaranta ta ware hanyar tuntuɓar malamai, ita za a bi, ba lambarsa ta gida da tsakar dare ba.

Hujjar tana da iyaka. Ana iya sauya agogon waya, malamai kuma sun san haka, don haka lokacin da ke jikin hoto yana ƙarfafa magana ne, bai tilasta wa kowa karɓa ba. Wani malamin ma ba shi da ikon buɗe shafin sai da amincewar sashe. Idan an yarda, a tambaya ko shi zai buɗe ko ɗalibi zai ɗora haka nan, domin a Google Classroom duk abin da aka miƙa bayan wa'adi zai fito da alamar jinkiri, a Moodle kuma malami na iya ƙara wa ɗalibi ɗaya lokaci ba tare da ya taɓa na sauran ba. Kafin ɗorawa ta biyu, a haɗa shafukan su zama PDF guda ta hanyar Scan da ke cikin manhajar Google Drive, mai iPhone kuma ya shiga Settings, Camera, Formats ya zaɓi Most Compatible don hotunan gaba. In ya hau, a buɗe fayil ɗin daga shafin a karanta shafi na ƙarshe, a ɗauki hoton fuskar wayar da ke nuna an karɓa, sannan a sanar da Malam a layi ɗaya.