Kwalin Magani Da Faransanci: Waya Ta Fassara, Saura Me?

Yau maganarmu a kan maganin nan ne da ake shigo mana da shi, kwalinsa ba Turanci ba Hausa. Wani daga Maraɗi ko Kwatano aka kawo masa, rubutun duk Faransanci. Wani tsarabar Umara ce, da Larabci. Kuma a gida wa ake miƙa wa kwalin? Mu, 'yan boko masu waya. "Kai da ka yi jami'a, duba mana." Sai ka haska kyamara, fassara ta fito, kowa ya ce madalla.

Fassarar tana da amfaninta, kar a fahimce ni baibai. Za ta nuna maka na sha ne ko na shafawa, da ranar da zai lalace, da sunan sinadarin da ke ciki. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Doliprane da Efferalgan da Panadol duk farasitamol ne, suna ne kawai ya bambanta. Wanda bai sani ba zai iya haɗa biyu ya ba yaro, yana ganin magani biyu ya ba shi, alhali abu ɗaya ya ninka.

Inda ake samun matsala shi ne layin da ke faɗin nawa za a sha. Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi daki-daki.

Akwai Doliprane na ruwa na yara, wanda aka rubuta wa 2,4% a kwali, ana samunsa sosai a ƙasashen da ke amfani da Faransanci. Ma'anar lambar ita ce kowace mililita ɗaya tana ɗauke da miligiram 24 na farasitamol. Yana zuwa da sirinjinsa na ɗurawa a baki. To ku saurara da kyau a nan: lambobin da ke jikin sirinjin nan kilo ne na nauyin yaro, ba mililita ba. Idan yaro kilo 10 ne, ka ja har layin 10, abin da ya shiga miligiram 150 ne, wato miligiram 15 a kowane kilo. A ruwa, mililita 6 ne da kwata.

Yanzu a ce sirinjin ya ɓace, kun dai san gidan yara. Uwa ta tuna "har layin 10" ake ja, ta ɗauko sirinjin wani maganin mai awon mililita, ta ja 10. Miligiram 240 ke nan ta ba shi a maimakon 150. In ta yi haka sau huɗu a yini, yaron ya sha 960, alhali iyakar mai nauyinsa 600 ne. Kuma farasitamol in ya yi yawa hanta yake taɓawa, sannan ba lallai a ga alama nan take ba. Yaro na iya yini yana wasansa kafin abin ya bayyana. Ku lura, a duk wannan lissafin babu kalma ɗaya da wayar ta fassara ba daidai ba.

Sai batun cokali. Faransawa suna rubuta "cuillère à café", suna nufin mililita 5, da "cuillère à soupe", mililita 15. Waya za ta ce maka cokalin kofi da cokalin miya. Wanne ne cokalin miya a gidanku? Tsakanin biyun nan ninki uku ne, kuma cokulan kicin ɗinmu babu biyu da suke awo ɗaya.

Haka waƙafi. Su 2,5 suke rubutawa inda mu muke sa 2.5. Kwali ya ɗan goge ko haske bai isa ba, kyamara ta tsallake waƙafin, ka ga 25 a fuskar waya. A Larabci kuwa biyar tana kama da sifirinmu, sifirinsu ɗigo ne kawai, shida kuma sai ka rantse bakwai ce.

Abin da famasis yake yi daban ne da karanta rubutu. Ina nufin wanda ya karanci harhaɗa magunguna, don ba kowane mai shagon kemis ne ya yi wannan karatun ba. Zai duba ƙarfin maganin, ya haɗa da nauyin yaro, ya ga adadin da aka rubuta na sha ɗaya ne ko na yini duka da za a raba. Zai tambayi wane magani ake sha tare da shi, da ko akwai ciwon hanta ko ƙoda ko juna biyu. Kwali bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

In za ku je wurinsa, ku tafi da kwalin kansa, da takardar da ke naɗe a ciki, da sirinji ko murfin awon da ya zo da shi, da sauran magungunan da ake sha. Hoton fassara shi kaɗai ba zai isa ba. Yaro kuma a ɗora shi a sikeli, kar a ce "zai kai kilo goma". In ya faɗi adadin, ku roƙe shi ya rubuta a jikin kwalin da biro: nawa, sau nawa, kwana nawa, ya kuma ja layi a jikin sirinjin daidai inda za a tsaya.